Kilo 9.5 cikin Mako 12: Nazarin Lamarin Wani Majinyaci da Aka Ɗora kan Olanzafin

Magungunan taɓin hankali ba su da nisa sosai da juna wajen ƙarfin aiki, in aka cire kulozafin wanda ya fi su duka ga majinyacin da sauran suka kasa. Inda suka sha bamban shi ne illa. Saboda haka likitan da ya zaɓi ɗaya daga cikinsu, illolin da majinyacinsa zai zauna da su ya zaɓa, kuma yawancin illolin nan ana iya hango su tun kafin a haɗiyi ƙwayar farko, idan an san makarɓan da maganin ke kamawa a jiki. Lamarin da ke tafe an haɗa shi ne domin darasi ga ɗaliban likitanci da na jinya da na harhaɗa magunguna. Majinyacin misali ne, amma yadda alƙalumansa suka tafi haka suke tafiya a asibiti.

Ranar farko

Saurayi ne mai shekara 23, wannan ne karonsa na farko. Ya yi kusan wata huɗu yana jin muryoyi suna zancensa, ya haƙiƙance ana bibiyarsa, ya daina barci, abinci ma sai da ƙyar. An cire zargin shaye-shaye da cutar jiki, aka tsaya kan sikizofireniya. Da yake ba ya barci kuma hankalinsa a tashe yake, sai aka fara masa olanzafin, miligiram 10 da dare.

An yi abu ɗaya daidai a ranar: an auna shi kafin ya sha maganin. Tsawonsa mita 1.75, nauyinsa kilo 64, ma'aunin nauyi da tsawo ya ba da 20.9 kg/m². Kewayen ƙugunsa santimita 78, awon jini 116/74. Da safe, bayan ya yi awa takwas bai ci komai ba, sukarin jininsa 4.8 mmol/L, kitsen tiragilisarayid 0.9, kolestarol mai amfani, wato HDL, 1.3. A tarihin da aka ɗauka akwai abu biyu da aka rubuta aka wuce: mahaifiyarsa tana da ciwon suga, shi kuma yana shan sigari kamar kara 15 a rana. Dukansu biyu za su dawo.

Abin da maganin ke kamawa

Makarɓi wani furotin ne a jikin ƙwayar jijiya wanda sinadarin saƙo ke sauka a kai, kamar makulli da kwaɗonsa. Magani yana iya toshe kwaɗon, ko ya buɗe shi rabi. Kusan duk magungunan wannan gida, tun daga kulofuromazin da Delay da Deniker suka gwada a Faris a 1952, suna aiki ne ta makarɓin dofamin na D2. Matsalar ita ce ba a waje ɗaya dofamin ke aiki ba. Toshe D2 a hanyar da ke kai saƙo sashen motsin rai shi ke kwantar da muryoyi da zargi. Toshe shi a hanyar da ke kula da motsin jiki shi ke kawo sandarewa da rawar hannu da tafiyar mai cutar Fakinsan. A hanyar da ta sauka zuwa ƙwayar fituwitari kuwa, dofamin shi ne birkin furolaktin, sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa, da an toshe shi sai furolaktin ya hau. A gaban ƙwaƙwalwa toshewar na iya ƙara mutuwar jiki da rashin kuzarin da cutar kanta ke kawowa.

Binciken hoton ƙwaƙwalwa da Kapur da abokansa suka wallafa a 2000, a kan masu shan halofaridol, ya sa wa wannan magana lamba. Magani yakan fara aiki idan ya mamaye kusan kashi 65 cikin 100 na makarɓan D2. Furolaktin yakan hau daga wajen kashi 72, illolin motsi kuma daga wajen kashi 78. Tazarar ƙarama ce ƙwarai. Shi ya sa ninka halofaridol daga miligiram 5 zuwa 10 ga mai karon farko galibi ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙara sandarewa.

Olanzafin yana kama D2 daidai gwargwado, yana kuma toshe makarɓin sarotonin na 5-HT2A da ƙarfi, ga shi da ɗan ƙarfi a kan makarɓin M1 na asitilkolin. Waɗannan biyun suna cikin dalilan da suka sa bai cika kawo sandarewa ba. Amma bai tsaya nan ba, kuma sauran makarɓan su ne labarin saurayin nan.

Na farkonsu H1, makarɓin histamin, wanda olanzafin ke kamawa ƙam. Toshe shi yana kawo barci, abin da aka nema a ranar farko ke nan. Shi ne kuma yake buɗe ciki, domin histamin na cikin saƙonnin da ke gaya wa cibiyar yunwa a ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Idan aka jera magungunan bisa ƙarfin kama H1, jerin yakan yi kusa da jerinsu bisa yawan ƙibar da suke sawa: kulozafin da olanzafin a sama, kwetiyafin da risferidon a tsakiya, halofaridol da arififirazol da zifirasidon a ƙasa. Wato barcin da likita ke so da yunwar da ba ya so daga ƙofa ɗaya suke fitowa, ba a samun ɗaya a bar ɗaya. Sai 5-HT2C, shi ma hannunsa na cikin jin ƙoshi, toshe shi tare da H1 yana tsananta lamarin. Na uku shi ne M3, wanda ke kan ƙwayoyin da ke fitar da insulin. Ana ganin toshe shi na cikin abin da ke sa sukari ya lalace wa wasu tun kafin su ƙara ko kilo ɗaya. Wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa a aji, domin ɗalibai da yawa suna ɗauka ciwon sugan da maganin ke kawowa sai ta hanyar ƙiba yake zuwa. An sha ganin waɗanda suka faɗa cikin mummunar hauhawar suga mai sa jini ya yi tsami a watannin farko na olanzafin ko kulozafin, alhali sikeli bai nuna wani abin a zo a gani ba.

Sauran a taƙaice: M1 ke kawo bushewar baki, taurin bayan gida, dishi-dishin gani da riƙewar fitsari, makarɓin α1 na adirenalin kuma shi ke kawo jiri idan an miƙe tsaye.

Mako na 4

Ya dawo ya samu sauƙi sosai. Muryoyin sun ja baya, yana barci awa tara zuwa goma. Nauyinsa kilo 67.6. Ma'aikaciyar jinya ta rubuta lambar, kowa ya yi murna, domin ya zo a rame ga shi yanzu ya murmure. Da aka tambaye shi abinci sai ya ce, "Likita, ci nake kamar ba ni ba. Ina gamawa, ko awa ɗaya ba a yi sai in ji kamar ban sa komai a bakina ba. Cikin dare ma yunwa ke tashina."

A nan aka yi sake. Kilo 3.6 a kan 64 kashi 5.6 cikin 100 ne, cikin wata ɗaya. Ƙarin da ya haura kashi 5 a watan farko yana daga cikin alamun da suka fi nuna wanda zai ci gaba da ƙiba mai yawa. Matsayar da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka da Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka suka fitar tare da wasu ƙungiyoyi a 2004 ta ce a duba yiwuwar sauya magani duk lokacin da majinyaci ya ƙara kashi 5 na nauyinsa na farko. An auna, an rubuta, amma ba wanda ya yi lissafin nan na daƙiƙa goma: a cire nauyin farko daga na yau, a raba da nauyin farko, a ninka da 100. Lambar da aka rubuta ba a kwatanta ta da ta baya ba, ba ta yi wa kowa aiki ba.

Gaskiya ne wani ɓangare na ƙarin dawowar naman da rashin lafiya ta cinye ne. Abin da ke bambanta su shi ne maganar majinyacin da kansa. Mai murmurewa yana ci ya ƙoshi. Wanda magani ya toshe wa saƙon ƙoshi yana ci bai ƙoshi ba, yana kwaɗayin zaƙi da maiƙo, yana tashi cikin dare neman abinci. Ga shi kuma ya tara abubuwan da ke ƙara haɗari: matashi ne, bai taɓa shan irin maganin ba, ya fara da ƙaramin jiki, kuma akwai suga a gidansu. Irin waɗannan sun fi kowa ƙiba a kan olanzafin, shi ya sa shawarwarin PORT na Amurka na 2009 suka ce kada a fara da shi ga mai karon farko.

Girman abin ba ɓoyayye ba ne. A nazarin da Allison da abokansa suka yi a 1999, matsakaicin ƙarin nauyi cikin mako 10 ya kai kilo 4.45 a kulozafin, 4.15 a olanzafin, 2.10 a risferidon, zifirasidon kuwa kusan babu. A babban gwajin CATIE na 2005, kashi 30 cikin 100 na masu shan olanzafin sun ƙara fiye da kashi 7 na nauyinsu. Amma a wannan gwajin dai, masu olanzafin ne suka fi daɗewa ba su daina maganinsu ba. Magani ne mai aiki, kuma adalci ne a faɗi hakan tare da illarsa.

Mako na 12

A mako na 8 ya kai kilo 70.5. A mako na 12, ranar da aka maimaita gwajin jini, sikeli ya nuna 73.5. Ya ƙara kilo 9.5, kusan kashi 15 cikin 100. Ƙugu ya tashi daga santimita 78 zuwa 89. Sukarin safe 5.9, tiragilisarayid 2.4, HDL ya sauka zuwa 0.9, awon jini 126/80, HbA1c 5.5%.

Akwai lambobi biyu a nan da ke iya kwantar wa mutum da hankali a banza. Ta farko ma'aunin nauyi da tsawo, wanda ya ba da 24.0, har yanzu ƙasa da 25, wato a takarda nauyinsa daidai ne. Ta biyu HbA1c, wanda ke ƙasa da 5.7. Amma HbA1c matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku yake nunawa, yana biyo baya ne, ba ya kama sauyin da ke faruwa da sauri. Ba a kuma dogara da shi ga mai sikila ko mai wata cutar da ke rage kwanan jajayen ƙwayoyin jini. A watannin farko sukarin safe ya fi shi faɗin gaskiya.

Idan aka bi sharuɗɗa biyar na rikicewar sarrafa sukari da kitse, ya cika uku: tiragilisarayid 1.7 ko sama, HDL ƙasa da 1.0 ga namiji, sukarin safe 5.6 ko sama. Biyun da suka rage, awon jini 130/85 da faɗin ƙugu, bai kai su ba tukuna, ko da yake ya ƙara santimita 11. Uku cikin biyar sun isa. Saurayin da wata uku baya jininsa ke tas, yau ya shiga sahun masu haɗarin ciwon suga da ciwon zuciya. Tiragilisarayid yakan riga sauran motsawa, kuma hawansa tare da saukar HDL alama ce cewa jiki ya fara ƙin jin insulin. Bai kai ciwon suga ba, wanda ake tabbatarwa daga 7.0 a sukarin safe ko 6.5% a HbA1c, amma hanyar ya kama. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin masu taɓin hankali mai tsanani suna rasuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sauran mutane, kuma cututtukan zuciya na kan gaba cikin dalilan.

Ya kuma kawo ƙorafin da bai zo da shi a baya ba: barci ya yi masa yawa, har rana ta ɗaga bai wartsake ba. Ba a ƙara masa magani ba, to me ya sauya? Da aka bi diddigi, ashe ya daina shan sigari mako uku da suka wuce. Hayaƙin taba yana zaburar da sinadarin hanta mai suna CYP1A2, wanda shi ne babban mai narkar da olanzafin da kulozafin. Abubuwan da ke cikin hayaƙin ne ke yin haka, nikotin ba ruwansa, don haka ko mutum ya koma manna nikotin a fata, zaburarwar za ta tafi. Cikin kamar mako guda da dainawa hanta takan koma yadda take, maganin ya taru a jini. Abin da aka saba yi shi ne a rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na maganin a sa ido. Ga mai kulozafin lamarin ya fi haɗari, domin taruwarsa na kawo farfaɗiya. Sifurofuloksasin da fulubokzamin ma suna danne wannan sinadari, sakamakon iri ɗaya ne. Daina taba kansa yana buɗe ciki, ya zama yunwa biyu a kan mutum ɗaya. Duk da haka daina sigarin alheri ne babba ga zuciyarsa, an kuma gaya masa hakan, magani ne za a daidaita.

Ina za a koma?

Abin da ke fara zuwa a rai shi ne a rage olanzafin a ci gaba. Wannan yana rage barci, amma ba ya cika rage ƙiba, domin makarɓan H1 suna cika tun a ƙaramin adadi. A rage har ƙasa da abin da ke riƙe D2, sai a wayi gari ga cuta ta dawo ga yunwa na nan.

Kwetiyafin ba mafita ba ce, shi ma yana kama H1 da ƙarfi yana kuma ɗaga tiragilisarayid. Risferidon ya fi sauƙi ta fuskar nauyi, amma yana cikin waɗanda suka fi ɗaga furolaktin, saboda ƙwayar fituwitari tana wajen shingen da ke kare ƙwaƙwalwa, maganin kuma ya fi isa gare ta. Ga saurayi hakan na nufin raguwar sha'awa, raunin gaba, wani lokaci kumburin nono, ga mace kuma ɗaukewar al'ada da zubar nono, a daɗe kuma raunin ƙashi. Majinyata ba sa kawo wannan ƙorafi da kansu, kunya ke hana su, sai dai su ajiye maganin shiru. Dole likita ya yi tambayar. Halofaridol ba ya cika taɓa sukari da kitse, amma samari ne suka fi fuskantar murɗewar wuya da harshe da juyewar ido a kwana biyar na farko, kuma tsofaffin magunguna irinsa suna kawo motsin baki da harshe na daɗewa ga kusan kashi 5 cikin 100 a kowace shekarar sha, wanda ba lallai ya tafi ba ko an daina.

Aka tsaya kan arififirazol. Shi yana zama a kan D2 da ƙarfi ƙwarai, yakan mamaye fiye da kashi 80, amma yana ba da ɗan saƙo maimakon ya toshe gaba ɗaya. Shi ya sa furolaktin ke sauka a kansa. Kamunsa ga H1 kaɗan ne, ga makarɓan asitilkolin kusan babu. An yi wa saurayin da mai kula da shi bayani filla-filla cewa sauyi yana da haɗari: maganin da yake kai ya yi masa aiki, sabon kuma ba tabbas. Gwajin CAMP na 2011 ya nuna waɗanda aka mayar kan arififirazol sun samu raguwar nauyi da kitsen jini, amma sun fi waɗanda aka bari kan tsohon magani yawan dainawa. Shi ya zaɓi a sauya. Ya ce kayansa duk sun daina shigarsa, kuma da ma ya fara tunanin ajiye maganin ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Yadda ake sauyin ya fi zaɓin maganin tasiri. Arififirazol yana ɗaukar kusan awa 75 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka sai ya yi kamar mako biyu kafin ya daidaita a jini. Idan aka yanke olanzafin rana ɗaya, akwai giɓi. Ban da giɓin, makarɓan H1 da M1 da suka saba da toshewa za su buɗe lokaci guda, sai rashin barci, tashin zuciya, gumi, gudawa da ɗimuwa su biyo, a ɗauka cuta ce ta dawo ko sabon magani ne bai karɓe shi ba. Saboda haka aka bi a hankali. A mako na 12 an mayar da olanzafin miligiram 7.5 saboda batun sigari, aka fara arififirazol miligiram 5 da safe. Bayan mako guda aka kai shi 10. Aka bar su tare mako biyu, sannan a mako na 15 aka sauke olanzafin zuwa 5.

Kwana biyar bayan nan aka dawo da shi ba ranar da aka ba shi ba. Mai kula da shi ta ce ciwon ya dawo, ba ya zama, ba ya barci, yana ta kai-komo. A ɗakin likita ya zauna bai cika minti biyu ba, ya ɗora ƙafa kan ɗaya, ya sauke, ya miƙe, yana taka ƙasa a tsaye kamar mai jiran a buɗe masa ƙofa. Aka tambaye shi ko muryoyin ne. Ya ce, "A'a likita, kaina lafiya lau. Ƙafafuna ne. Wani abu nake ji a cikinsu, in na zauna kamar zan fashe, sai na taka nake ɗan jin dama."

Wannan akatisiya ce, illar da aka fi sanin arififirazol da ita, kuma ta bayyana ne daidai lokacin da kariyar olanzafin ta ragu. Ana gane ta da abubuwa uku: damuwar a jiki take, musamman ƙafafu, tana tsananta da zama ko tsayuwa waje ɗaya tana sauƙi da tafiya, kuma ta zo bayan an fara magani ko an sauya adadi. Wanda cuta ta dawo masa yana da dalilin kai-komonsa a cikin tunaninsa, wani yake gudu ko wata murya yake bi. Kuskure a nan yana da tsada, domin wanda ya ɗauka cuta ce zai ƙara magani, akatisiyar ta ƙaru. Azabarta tana kai wasu ga tunanin kashe kansu, don haka ana tambayar wannan kai tsaye, an kuma tambaye shi.

Ba a ƙara arififirazol ba. An tabbatar ba shi da asma, bugun zuciyarsa 82, sai aka ba shi furofuranolol miligiram 10 sau biyu a rana, bayan kwana uku aka kai sau uku, ana duba bugun zuciya da awon jini. Ba a ba shi tirihekzifenidil ba. Wannan magani yana aiki ga sandarewa da murɗewar tsoka, amma amfaninsa ga akatisiya kaɗan ne, yana kuma dagula tunani da tsananta motsin baki na daɗewa. Mitazafin miligiram 15 yana taimaka wa akatisiya, sai dai shi ma mai toshe H1 ne, ba shi ake nema ba ga wanda ake ƙoƙarin raba shi da yunwa. An bar olanzafin a miligiram 5 har mako na 19, sannan 2.5, aka tsayar da shi a mako na 21. Cikin kwana goma ƙafafun suka lafa, bayan wata biyu aka janye furofuranolol sannu a hankali.

Nauyin da ya rage

Yunwar ta ragu tun olanzafin na miligiram 2.5, amma nauyin bai bi ta ba. A mako na 22 yana kilo 73, sukarin safe 5.7. Hawa ya tsaya, sauka ba ta fara ba, kuma haka aka fi gani. An ci gaba da abin da aka fara tun mako na 12: barin lemun kwalba mai sukari, tsayar da lokutan cin abinci, tafiyar sassarfa ta minti 30 sau biyar a mako. Sai aka ƙara metfomin, bayan an duba ƙoda an ga lafiya. An jinkirta shi da gangan har sauyin ya kammala, domin shi da arififirazol duka suna kawo tashin zuciya, in aka haɗa su rana ɗaya ba za a san mai laifi ba. An fara da miligiram 500 tare da abincin dare, ana ƙara 500 duk mako har ya kai 1000 sau biyu a rana. Saurin ƙarawa shi ke kawo gudawa da murɗar ciki har majinyaci ya ƙi shi. Ba a ba da shi idan eGFR, ma'aunin aikin ƙoda, ya yi ƙasa da 30, ana dakatar da shi lokacin amai da gudawa mai tsanani, in an daɗe a kai kuma a duba bitamin B12. Abin da ake sa rai daga gare shi matsakaici ne, kamar kilo 3 fiye da wanda bai sha ba, kuma ya fi aiki idan an fara da wuri.

A mako na 36 nauyinsa kilo 69.8, ƙugu santimita 84, sukarin safe 5.2, tiragilisarayid 1.4, HDL 1.0. Muryoyin ba su dawo ba. Bai koma kilo 64 ba, ba kuma lallai ya koma ba. Da an yi lissafin mako na 4, da a kilo 67.6 aka tare shi.

Jadawalin sa ido bai ƙare da sauyin ba, sabo ma ya fara, domin arififirazol yana sa wa wasu nauyi, musamman matasa. Matsayar 2004 ta ce a auna nauyi a mako na 4, na 8 da na 12, sannan duk wata uku. Sukari da awon jini a mako na 12 sannan duk shekara, ƙugu duk shekara. Kitsen jini kuma a mako na 12, sannan ta bar shi sai bayan shekara biyar idan ya fito daidai, tazarar da ta yi yawa ga irin wannan majinyaci. Ƙa'idar NICE ta Birtaniya ta 2014 ta fi matsewa: nauyi duk mako a mako shida na farko a zana shi a jadawali, sannan mako na 12, sannan shekara ɗaya, sukari da kitse kuma a mako na 12 da duk shekara. Ga mai karon farko wannan ta biyun ta fi dacewa. A yi awon da sikeli ɗaya, ba takalmi, ƙugu kuma a kewaya tef ɗin tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, a kan fata, bayan ya fitar da numfashi. Inda babu ɗakin gwaji kusa, sikeli da tef da na'urar awon jini da ta tsaga yatsa sun isa su kama mafi yawan abin da aka kama a wannan lamari. Duk ranar da majinyaci ya kawo ƙishirwa mai yawa, yawan fitsari, kasala ko rama ba dalili, a gwada sukarinsa a ranar, ba a jiran jadawali.

An ƙara masa abu biyu da suka shafi sabon maganin. Ana duba baki da harshe da yatsu da ma'aunin AIMS, mai gano motsin jiki da ba da son mutum ba, aƙalla sau ɗaya a shekara. Ana kuma tambayarsa, shi da mai kula da shi, ko ya fara caca, kashe kuɗi ba lissafi ko wata sha'awa da ya kasa riƙewa, illar da hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kanta a 2016, wadda kan tafi idan an rage ko an daina. An rubuta a fayil ɗinsa cewa olanzafin ya yi masa aiki, illa ce ta sa aka bar shi, domin kada wani ya ƙirga shi cikin magungunan da suka kasa. Idan cutar ta dawo da ƙarfi har aka ga dole a koma masa, ko kuma wata rana magunguna biyu suka kasa aka kai ga kulozafin, za a fara metfomin tare da ƙwayar farko, a auna nauyi duk mako, a kuma sake tambayarsa batun sigari kafin a tsayar da adadi.